Tambaya: ana karanta rubutuna a LinkedIn, amma masu ba da aiki ba sa zuwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san sirrin LinkedIn.

Sana'ata fassara ce tsakanin Turanci da Hausa, musamman takardun wayar da kai kan kiwon lafiya na ƙungiyoyi masu zaman kansu. A Headline na faɗi haka ƙarara, har da masu buƙatar aikin. A About na bayyana yadda nake karɓar aiki da lokacin mayarwa. Na sa samfuri uku a Featured, na cike sashen Services. Ina wallafa rubutu sau biyu a mako kan matsalolin fassara, kamar yadda allurai da ma'aunin magani ke rikicewa in an juya su Hausa.

Ga inda na cije: alƙaluman da ke ƙarƙashin kowane rubutu suna nuna yawancin masu karantawa 'yan'uwana mafassara ne da ɗalibai. Jami'an sadarwa da manajojin shirye-shirye, waɗanda kwangilar ke hannunsu, ba sa cikinsu. Zargina biyu ne: abokan hulɗata kusan duk 'yan sana'a ɗaya ne, kuma abin da nake rubutawa damuwar mafassari ce, ba ta mai biyan kuɗi ba.

To, wanne zan fara gyarawa? In riƙa tura wa jami'an buƙatar ƙulla hulɗa a LinkedIn tare da ɗan gajeren bayani, ko in soma da sharhi mai ma'ana a ƙarƙashin rubutunsu? Kuma ta yaya zan nuna sauran aikin da na yi alhali yarjejeniya ta hana ni bayyana takardun? Allah ya saka da alheri.