Makin ƙanwata ya tsaya a 68.2, ko za a ɗaga ta?

Yayar ɗaliba, Gwale: Assalamu alaikum. Ƙanwata na karatun digiri a Ingila. Shekara ta biyu ta samu 64, ta uku 71, amma sun ce jimillarta 68.2, wai sai kwamitin jarrabawa ya duba ta. Tana da rabon fas kilas? Tun jiya Hajiyarmu ta kasa cin abinci.

Ɗan Kurna: Wa alaikumus salam Yaya. Ai 68 B ne, a nemo CGPA ɗinta, in ya kai 4.50 shi ke nan.

Malamin lissafi, Kabuga: A'a ɗan'uwa, wancan tsarinmu ne na Najeriya. A can galibi shekarar farko ba ta shiga lissafi, sauran biyun kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Da alama makarantarta kashi 40 take ba shekara ta biyu, 60 ta uku: kashi 40 na 64 shi ne 25.6, kashi 60 na 71 kuma 42.6, ga 68.2 ɗin nan. Fas kilas daga 70 yake farawa, amma jami'o'i da yawa suna sake duba wanda ya faɗa tsakanin 68 da 70.

Duban nan ba na tausayi ba ne, Hajiya, ƙa'ida ce a rubuce. Wadda aka fi bi ita ce a ƙirga kiredit nawa ta ci da 70 ko sama a shekarar ƙarshe. Turo mana makin kowane kwas da kiredit ɗinsa.

Yayar ɗaliba: Malam ga shi. Furojet 75, kiredit 40. Sauran huɗun kiredit ashirin-ashirin ne: 72, 69, 68, 67.

Malamin lissafi: To ga inda gizo ke saƙar. Furojet da kwas mai 72 sun ba ta 60 cikin 120, rabi cif. In dokarsu ta ce rabi ya wadatar, ta haye. In ta ce sai ya haura rabi, sakan kilas ofa za ta tashi da shi; in kuma ta haɗa da kwasa-kwasan shekara ta biyu, sai an ga makinsu tukuna. Ta nemo kundin dokokin shekarar da ta shiga makarantar, domin sau da yawa shi ake bi ko da an sauya daga baya.

Wata daga Tarauni: Ni 69 ɗin nan ce ta tsaya min a rai. Ta roƙi a sake makin takardar mana, maki ɗaya ne fa. Ɗana ma da zazzaɓi ya rubuta tasa.

Malamin lissafi: Anti, ba sa karɓar ƙorafi a kan hukuncin mai maki. Kuskuren tattara maki, ko rashin lafiya mai takardar asibiti, su ake saurara, kuma da wa'adi.

Yayar ɗaliba: Ta kwanta asibiti kwana biyu kafin jarrabawar mai 67, amma ba ta sanar ba. Bari in kira ta ta dubo ko wa'adin bai wuce ba.