Takardar likita a saƙon neman hutun jinya: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsamo daga wata doguwar muhawara da aka yi kan yaushe da kuma yadda ma'aikaci zai haɗa takardar likita a saƙon neman hutun jinya da zai tura wa shugabansa a wurin aiki.

1. Kusan kowa ya yarda a sanar da shugaba tun safiyar ranar farko, ko da takarda ba ta zo hannu ba.

2. An rabu kan yaushe za a haɗa ta. Wasu sun ce zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ba ya buƙatarta, wasu sun ce a wurinsu ko yini ɗaya sai da ita. A ganina, ƙa'idar wurin aikinka ce za ta raba gardama, ka duba ta.

3. Jimla ɗaya ta isa: "Na haɗa takardar likita, ta ba ni hutu daga Litinin zuwa Alhamis." In ba ta iso ba, a faɗi ranar da za a turo ta. Ranakun saƙon su yi daidai da na takardar, domin saɓani a nan shi ke jawo tambayoyi.

4. Sunan ciwon fa? Mafi yawa sun ce ba dole ba ne, kuma kada a tura sakamakon gwaji.

5. A tabbata hoton takardar ya fito sarai: suna, kwanan wata, sa hannu da hatimi.