Neman kalmar Hausa: ɗakin otal na double room da na twin room

Mai fassara, Runjin Sambo:

Assalamu alaikum. Wani otal a nan Sakkwato ya ba ni aikin gyara fassarar Hausa da ke shafinsa, kuma na tsaya cik a kan sunayen ɗakuna guda biyu. Wanda ya fara aikin ya mayar da double room "ɗaki biyu", ya mayar da twin room "ɗakin tagwaye". Manajan ya shaida mini cewa wani magidanci ya taso daga Illela da matarsa da mahaifiyarsa, ya biya kuɗi tun kafin ya iso bisa zaton ɗakuna biyu ya kama, amma da aka buɗe masa ƙofa sai ya tarar da ɗaki guda da gado guda, ga tsohuwa tsaye a bayansa riƙe da jakarta. Bai yi kuskuren karatu ba, domin abin da aka rubuta masa da Hausa shi ya fahimta.

A wurin masu otal, double room ɗaki ɗaya ne mai gado ɗaya wanda zai ɗauki mutum biyu, twin room kuwa ɗaki ɗaya ne mai gadaje biyu a rabe, kowane na mutum ɗaya. Na yi tunanin sa "ɗaki mai gadon mutum biyu" da "ɗaki mai gado biyu", sai dai sun yi kama da juna ƙwarai, kuma mai dubawa a waya cikin hanzari zai iya ɗaukar wannan a matsayin wancan. Ina neman shawararku.

Ma'aikacin karɓar baƙi, Gawon Nama:

Wa alaikumus salam. Malam, ni a ganina ba sai an wahala ba, domin duk wanda ya zo gaban teburina "singil" ko "dabul" yake cewa, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Tunda Hausa ta karɓi otal da katifa da fanka, a rubuta "dabul" kawai a wuce wurin.

Wata hajiya, Mabera:

Ni ban yarda cewa dabul gado ɗaya ba ne. Lokacin da muka je Umara ni da ƙanwata, a takardar da aka ba mu double aka rubuta, kuma a Makka ƙananan gadaje biyu muka samu, kowa da nata. Ko dai mai fassarar farko yana da gaskiya, kalmar tana nufin biyu-biyu ne?

Malamin Hausa, Arkilla:

Hajiya, abin da kika gani gaskiya ne, amma bai wanke fassarar farko ba, domin ku ma ɗaki ɗaya aka ba ku. A harkar Hajji da Umara ana lissafin ɗaki da yawan mutanen da za su kwana a ciki, shi ya sa ake ganin double da triple da quad, wato na mutum biyu da uku da huɗu, kuma a can sau da yawa kowa da gadonsa. Ke nan "biyun" da ke cikin kalmar wani lokaci mutane take ƙirgawa, wani lokaci girman gado take nunawa, amma ba ta ƙirga ɗakuna. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba zan goyi bayan ɗan'uwana mai karɓar baƙi gaba ɗaya ba. Ya yi daidai cewa "dabul" ta shiga bakin mutane, to amma a gaban tebur baƙo yana iya tambaya, a nuna masa ɗakin kafin ya biya, alhali mai karanta shafi ba shi da wanda zai tambaya. In aka aro kalmar, an aro ta tare da ruɗanin da ke cikinta.

Shawarata ita ce a cire lamba daga sunan ɗakin farko baki ɗaya, a kira shi "ɗaki mai babban gado". Na biyun kuma a kira shi "ɗaki mai tagwayen gadaje". Kalmar tagwaye ba ta yi laifi ba, wurin da aka rataya ta ne bai dace ba: "ɗakin tagwaye" yana sa Bahaushe ya tuna da Hassan da Husaini, amma mun saba cewa tagwayen hanyoyi, kuma kowa ya san ana nufin abu biyu masu kama da juna a jere. Da haka sunayen biyu ba za su ƙara kama da juna ba ko a ido ko a kunne. Sannan a ƙarƙashin kowane suna a ƙara layi guda da zai amsa tambayoyi uku, ɗaki nawa, gado nawa, mutum nawa, misali: "Ɗaki ɗaya ne, da gado ɗaya, na mutum biyu."

Mai sayar da katifa, kusa da babbar kasuwa:

Allah ya gafarta malam, ina da gyara a kan "babban gado". A wurinmu katifa da ƙafa ake auna ta: akwai uku da shida ta mutum ɗaya, akwai huɗu da rabi da shida, akwai shida da shida. Idan ka ce wa mutumin Sakkwato babban gado, shida da shida zai hango, irin na ɗakin amarya. Gadon da Turawa ke kira double kuwa faɗinsa ƙafa huɗu da rabi ne, kusan santimita 137, shida da shida kuma ya kai kusan santimita 183. Wanda ya zo da ƙaramin yaro yana sa ran su kwanta su uku zai ji an rage masa.

Mai fassara, Runjin Sambo:

Na gode ƙwarai, Alhaji, wannan bai zo mini a rai ba. Yau da safe na koma otal ɗin da tef ɗin awo, na roƙi a buɗe mini ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Gadon da suke kira double huɗu da rabi ne kamar yadda ka faɗa, kuma ashe suna da wani ɗaki da suka sa wa king room mai shida da shida, wanda shi ne ya fi cancantar a kira mai babban gado. Saboda haka na rubuta na farkon "ɗaki mai gado ɗaya na mutum biyu, faɗinsa ƙafa huɗu da rabi", na ɗauki "ɗaki mai tagwayen gadaje" kamar yadda malam ya kawo, kuma na bar sunan Turancin a gefe domin shi ne ke fitowa a rasit. Na karanta wa mai gadin otal ɗin, wanda ba ya jin Turanci, na tambaye shi ɗaki nawa da gado nawa ya ji a kowane, ya ba ni amsa daidai duka biyun.

Malamin Hausa, Arkilla:

Na karɓi gyaran Alhaji, kodayake har yanzu ina ganin sunan farko ya yi tsawo ga maɓallin da ake dannawa a waya, kuma ban sami gajeren da zai maye gurbinsa ba tare da "biyu" ta dawo ta rikita mutane ba. Kafin ka miƙa aikin, ka duba ko suna da junior suite. Kada ka yi saurin sa masa "ciki da falo" don ka ga suite a jikinsa, domin sau da yawa ɗaki ɗaya ne mai faɗi da kujeru a gefe, babu bango tsakanin wurin zama da wurin kwana, kuma mai iyali da ya karanta ciki da falo zai zo yana neman ƙofar da zai rufe.