Ƙ tana fitowa a wasana, amma ɓ da ɗ sun koma akwati

Nasiru, Mabera:
Assalamu alaikum. Ina haɗa wasan tambayoyi na yara a kan tarihin Sakkwato da Unity, rubutun kuma da TextMeshPro nake nuna shi. Da na zo gina Font Asset sai na zaɓi Unicode Range (Hex) na sa `20-24F`, kuma ƙ, Ƙ da Ɗ suna fitowa lafiya, amma duk inda ɗ ko ɓ suke sai ɗan akwati ya tsaya a madadinsu. Sannan a wasu tambayoyin da abokin aikina ya gyara a Excel, kalmar ƙofa ta zama `Æ™ofa`. Don Allah ina ne matsalar take, kuma ta ina zan fara?

Aminu, Arkilla:
Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, ka saka Gboard a wayarka ka ƙara Hausa a cikin harsuna, idan ka danne b ko d na ɗan lokaci masu ƙugiyar za su fito. Ni da shi nake rubutu kullum ba tare da wata matsala ba.

Malama Asma'u, Runjin Sambo:
Malam Aminu, shawararka tana da amfani ga mai neman hanyar buga haruffan, amma shi ya riga ya buga su, nuna su a allon wasa ne ya gagara. Malam Nasiru, matsaloli biyu ne a hannunka waɗanda babu abin da ya haɗa su, don haka kada ka nemi magani ɗaya. Zan fara da ta akwati.

Haruffanmu masu ƙugiya guda takwas ba a rukuni ɗaya suke zaune a cikin Unicode ba. Shida daga cikinsu, wato Ɓ, Ɗ, Ƙ, ƙ, Ƴ da ƴ, suna cikin rukunin Latin Extended-B, wanda ya fara daga `0180` ya ƙare a `024F`. Amma ƙaramar ɓ lambarta `0253` ce, ƙaramar ɗ kuma `0257`, dukkansu a rukunin IPA Extensions wanda ya fara daga `0250`. Kai kuwa ka tsayar da zangonka a `24F`, ka ga ke nan ka rufe ƙofa ana saura taku huɗu a kai ga ɓ. TextMeshPro ba ya zana harafi daga font kai tsaye idan Font Asset ɗin Static ne, yana ɗauko shi ne daga hoton haruffan da aka riga aka zana lokacin da ka danna Generate Font Atlas, kuma harafin da ba ya cikin hoton nan akwati ake sawa a wurinsa. Idan ka duba Console za ka tarar da gargaɗi mai ɗauke da `\u0257` yana cewa an maye gurbinsa da `\u25A1`, wannan lamba ta biyu ita ce akwatin da kake gani.

Ba na ba ka shawarar ka tsawaita zangon kawai zuwa `2AF`. Zangon da ka sa a yanzu ma gurabe 560 ne, mafi yawansu na harsunan da wasanka ba ya amfani da su, kuma idan Sampling Point Size yana kan Auto Sizing, duk harafin da ka ƙara yana tilasta wa sauran su ƙanƙance domin su shiga cikin hoton. Abin da yake fara lalacewa idan haruffa suka ƙanƙance shi ne ƙugiyar kanta, sai yaro ya kalli ɗaki a ƙaramar waya ya ga kamar daki. Ka sa wannan a madadinsa:

```
20-7E,181,18A,198-199,1B3-1B4,253,257,2BC,2018-2019,201C-201D
```

Haruffa ɗari da ʼyan kai ne, kuma Atlas Resolution na 1024 x 1024 ya ishe su su fito garau. Na sa manyan haruffan duka ko da ba ka buga su a tambayoyinka ba, domin ranar da ka kunna Uppercase a wani kanu, ɓ za ta koma Ɓ, kuma idan ba ta cikin hoton akwatin zai dawo. Bayan ka danna Generate, ka karanta rahoton da ke ƙasan tagar inda ake jera Missing Characters. Idan wata lamba daga cikin waɗannan ta bayyana a can, to font ɗin kansa ne ba shi da harafin, kuma babu saitin da zai samar da shi.

Shehu, Gawon Nama:
Ni a ganina duk wannan lissafin lambobi wahala ce. Ka mayar da Atlas Population Mode zuwa Dynamic, TextMeshPro zai riƙa ɗauko kowane harafi da kansa a lokacin da ake buƙatarsa. Haka na yi a nawa wasan kuma komai ya fito.

Malama Asma'u:
Malam Shehu, Dynamic yana aiki, amma da sharaɗin harafin yana cikin fayil ɗin font, domin daga can yake ɗaukowa. Naka ya fito ne saboda font ɗinka yana da su. Shi ya sa nake so kowa ya fara tambayar font ɗin kafin ya taɓa Unity. Idan akwai Python a kwamfutar, a saka `fonttools` a gudanar da wannan:

```python
from fontTools.ttLib import TTFont
cmap = TTFont("font.ttf").getBestCmap()
for h in "ɓƁɗƊƙƘƴƳʼ":
    print(h, hex(ord(h)), ord(h) in cmap)
```

Duk layin da ya ƙare da `False` harafi ne da font ɗin ba shi da shi. Kada a dogara da buga kalmar a Word don gwaji, domin idan harafi ya ɓace, Word yana aro shi daga wani font a ɓoye, sai mutum ya ɗauka nasa ne ya nuna shi.

Nasiru:
Na gode, Malama. Na gudanar da shi a kan font biyun da nake amfani da su. Na rubutun tambayoyi, wato Noto Sans, ya ba da `True` a duka tara, kuma da na sake gina Font Asset da zangonki ɗ da ɓ sun fito. Amma na kanu, wanda font ne na ado mai kauri, `False` ya bayar a kan duka haruffa takwas. A babban shafi sunan Ɗanfodiyo yana farawa da akwati.

Shehu:
Wannan mai sauƙi ne, ka ƙara Noto Sans Bold a cikin Fallback Font Assets na font ɗin kanun, duk harafin da ya rasa zai aro daga can.

Malama Asma'u:
Akwatin zai tafi da wannan dabara, amma ban yarda da ita a kanu ba. Harafin aro yana zuwa da kaurinsa da tsayinsa na gida, sai Ɗ ta tsaya a farkon suna kamar wanda ya ari rigar da ba tasa ba, kuma a babban rubutu kowa zai gani. A ƙaramin rubutu, ko a wurin da ɗan wasa yake buga sunansa, zan iya haƙuri da ita. A kanu kuwa, ko dai ka sauya font zuwa wanda yake da haruffan tun asali, irin su Andika da SIL ta tsara domin masu koyon karatu, ko kuma ka buɗe naka a FontForge ka zana su. Zanen ba ya da yawa: ka kwafi D zuwa gurbin `018A` ka ƙara mata ƙugiya a sama ta hagu da kauri daidai da na sauran layukanta, sannan ka gyara faɗin gurbin don kada ta hau kan harafin da ke gabanta. Sai dai ka karanta lasisin font ɗin tukuna. Lasisin OFL ya yarda a gyara a kuma sa a cikin wasa, amma idan akwai Reserved Font Name dole ka sauya wa naka suna.

Shehu:
Ni dai ban ga yaron da zai tsaya auna kaurin harafi ɗaya ba, kuma ba kowa ne yake da hannun zane ba. Ƙugiyar da aka zana a karkace ta fi ta aro muni.

Alhaji Buhari, Kanwuri:
Tun da ana maganar, ni ma ina da tsofaffin fayilolin darasi da aka buga a wata maɗaba'a shekarun baya, waɗanda nake so a sa a cikin wasan karatu. A font ɗinsu na asali komai daidai ne, amma da na kwafo su sai na ga `}asa` da `]aya` da `~angare`. Shin wannan ma irin ta Malam Nasiru ce?

Malama Asma'u:
Ranka ya daɗe, taka daban ce. Waɗancan tsofaffin font sun zana ƙ a gurbin `}` ne, ɗ a gurbin `]`, ɓ a gurbin `~`, don haka abin da ke cikin fayil ɗin alamomin ne na gaske, font ɗin ne kawai yake rufa musu asiri. Gyaran shi ne a maye gurbin kowace alama da harafin Unicode nata, amma a tabbatar da kowace da ido tukuna, domin ba duk maɗaba'u ne suka bi tsari ɗaya ba, kuma a yi shi kafin a saka rubutun cikin fayil ɗin JSON, inda `}` da `]` suke da aikinsu na daban.

Malam Nasiru, saura `Æ™ofa`. A tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, `C6` da `99`. Idan aka buɗe fayil ɗin CSV a Excel ta hanyar danna shi kawai, kuma ba shi da alamar BOM a farkonsa, Excel yana karanta kowane bayit shi kaɗai da tsarin Windows-1252, inda `C6` yake nufin `Æ`, `99` kuma `™`. Idan aka adana shi a matsayin UTF-8 a haka, ɓarnar ta zauna. Ka nemi `É—` da `É“` a cikin fayil ɗin, su ne ɗ da ɓ da suka gamu da irin wannan. Mafi kyau ka koma kan kwafin da aka yi kafin Excel ya taɓa shi. Idan babu, `s.encode("cp1252").decode("utf-8")` yana dawo da layukan da suka lalace, amma a kan su kaɗai za ka gudanar da shi, kuma zai tsaya da kuskure a kan babbar Ɓ, domin bayit ɗinta na biyu `81` ne, wanda ba shi da harafi a Windows-1252, sai ka gyara waɗannan da hannu. Idan kuwa ka tarar da `?ofa` a wani layi, harafin ya riga ya salwanta lokacin adanawa, sai an sake buga shi. Nan gaba abokin aikinka ya riƙa shigo da fayil ta Data, From Text/CSV, ya zaɓi 65001: Unicode (UTF-8), ya kuma adana da CSV UTF-8.

Nasiru:
Akwai tsohon kwafin a wurina, na mayar da shi kuma ƙofa ta dawo daidai. A kanu na sa dabarar Malam Shehu na wucin gadi, kuma gaskiya Ɗ ɗin ta fi sauran haruffan siranta a fili. Tambaya ɗaya ta rage: wasu masu rubuta mana tambayoyi suna buga ʼya da `'`, wasu da `’`, ɗaya kuma yana buga ƴa, kuma wasan yana kwatanta amsar yaro da abin da aka adana.

Malama Asma'u:
Duka suna cikin zangon da na ba ka, don haka za su fito a allo, amma a wurin kwatanta amsa kowace lambarta daban, sai wasan ya ƙi amsar da take daidai. Ka mayar da su zuwa siffa ɗaya kafin kwatantawa, a ɓangaren amsar yaro da na abin da aka adana. A daidaitaccen rubutun Najeriya ʼy ake amfani da ita, ƴ kuma ta Nijar ce a hukumance, don haka ni ʼy zan zaɓa da alamar `2BC`.

Alhaji Buhari:
Yaran da ke buga Hausa a waya yanzu ƴ suke gani a allon bugu, kuma daga nan zuwa Ƙonni ba nisa, wasan zai iya tsallaka iyaka. Ni da za a bar ƴ a allo, a karɓi duka biyun a amsa.