Bayan isha'in wa za a saki karatun?

Baban Khalil, Kano: Assalamu alaikum. Ni ne mai ɗora karatun Malam a YouTube. Ra'ayina, mu riƙa sakin bidiyo kullum da ƙarfe 8:30 na dare agogon Najeriya, bayan isha'i, kuma karatun kai-tsaye na ran Asabar ma a wannan lokacin. Na gida ya dawo daga masallaci, na waje kuma ya daidaita kansa. Wanda yake ganin akwai gyara ya faɗa.

Ɗalibin Kuala Lumpur: Wa alaikumus salam Yaya. Tsakaninmu da ku awa 7 ne. Ƙarfe 8:30 ɗinku ita ce 3:30 na tsakar dare a nan. Karatun da aka naɗa ba ni da matsala da shi, in na tashi zan gani. Abin da ya fi damuna tunatarwar azumin Alhamis. Kuna sakinta daren Laraba, lokacin ina barci. Asuba a nan wajen ƙarfe 6 take, ni kuma sai na idar da salla nake duba waya. Sau uku ke nan ina ganin "gobe azumi" bayan alfijir ya keto.

Alaramma: Ai na nafila ne. In ba ka ci komai ba ka ɗaura niyya da hantsi, ya halatta.

Ɗalibin Kuala Lumpur: Allah gafarta Malam, a Malikiyyar da aka karantar da mu sai an kwana da niyya ko da nafila ce.

Alaramma: Haka ne a mazhaba, sauran malamai kuma sun sauƙaƙa. To amma ba wannan ya tara mu ba. Ni dai kar a rage yawa. Aikin da aka dawwama a kai shi ne abin so, kullum a saki wani abu.

Maman Ilham, Birmingham: Baban Khalil, kalmar "bayan isha'i" ɗin ce ba ta tafiya ko'ina. A watan Yuni 8:30 ɗinku ita ce 8:30 ɗinmu, amma rana ba ta ma faɗi ba, magariba sai an wuce tara. A Disamba kuwa 7:30 ce a wajenmu, kuma tun kafin ƙarfe huɗu mun yi magariba. Ingila tana tura agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Najeriya kuwa ba ta taɓa nata. Bara da aka dawo da agogo na gama jera abinci, na zaunar da yara, na buɗe waya ƙarfe 8:30 kamar yadda na saba, sai na tarar Malam yana addu'ar rufewa. Babu wanda ya yi laifi, ba a dai rubuta agogon wa ake nufi ba.

Baba Alhaji, Kumasi: Ni karatun ba ya buɗe mini da wuri, sai ya yi ta juyawa. Ko lokacin ne bai dace ba?

Baban Khalil, Kano: Baba wannan sabis ne. Ka rage ingancin hoton zuwa 240p zai tafi.

Injiniya, Kaduna: Na riƙe tashar wata makaranta shekara huɗu, bari in sa baki. Ina ganin abu uku aka cusa a buhu ɗaya, shi ya sa kowa yake da gaskiya kuma ba a haɗu ba.

Karatun da aka naɗa, misali darasi na 14 a babin tsarki, ba ya lalacewa don ya kwana. Su kansu masu YouTube sun bayyana cewa ba a san sa'ar saki tana tasiri a kan yadda bidiyo zai tafi a dogon lokaci ba, inda take da nauyi shi ne kai-tsaye da Premiere, wato bidiyon da aka naɗa amma a fara nuna shi ga kowa a lokaci ɗaya. Mutum zai nemi hukuncin taimama bayan wata shida ya faɗo kan darasin. Saboda haka a nan 8:30 ta Baban Khalil ba ta cuci kowa ba. Amfaninta ɗaya ne, mutane su san ranar da sa'ar. Ni da zan zaɓa ma sai in sa 6:00 na yamma, don wanda ya fito daga isha'i ya tarar da shi yana jira, na Jidda kuma ya samu da 8:00 maimakon 10:30.

Tunatarwa kuwa tana da wa'adi kamar kunun safe. Azumin Litinin da Alhamis, kwanakin 13, 14 da 15, Suratul Kahfi ran Juma'a. Wannan da agogon wanda rana ta fara fito wa ake auna ta, wato na Maleshiya. In ana so ɗalibinmu ya gani kafin ya kwanta, a ce 9:00 na darensa, to a Kano 2:00 na ranar Laraba ke nan. A New York lokacin 8:00 ko 9:00 na safiyar Laraba ce, ya danganta da wata, ba su yi asarar komai ba. Sharaɗin kawai a daina rubuta "gobe" da "yau". A rubuta "Alhamis", a sa kwanan wata.

Maman Ilham, Birmingham: Kwanan watan wa? Wani lokacin Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata a Sakkwato, Saudiyya ta riga ku ko ta biyo baya da kwana ɗaya, mu nan ma masallatai biyu a unguwa ɗaya sai su saɓa.

Injiniya, Kaduna: Gaskiya ne Hajiya. Ga Litinin da Alhamis babu rikici. Ga kwanakin wata sai a rubuta "bisa lissafin Najeriya, kowa ya duba na garinsa". Fiye da haka ba aikin mai tasha ba ne, na Malam ne.

Baban Khalil, Kano: To na ji biyu. Amma ni ba da ka na zaɓi 8:30 ba. A YouTube Studio, ƙarƙashin Audience, akwai When your viewers are on YouTube, kuma daga takwas zuwa goma na dare ne launin ya fi duhu. Cikin masu kallo goma, kusan bakwai Najeriya da Nijar ne.

Injiniya, Kaduna: Jadawalin nan gaskiya yake faɗa, sai dai ka san abin da yake aunawa. Kwana 28 da suka wuce yake ɗauka, da agogon na'urarka yake nuna maka, kuma lokacin da masu kallonka suke kan YouTube gaba ɗaya yake nufi, ko ƙwallo suke kallo. Tunda bakwai cikin goma 'yan gida ne, dole su rinjayi launin, ukun da suka warwatsu daga Amurka zuwa Maleshiya ba za su taɓa yin duhu a wuri ɗaya ba. Kuma wanda kullum aka yi kai-tsaye yana barci, a hankali yake daina leƙowa, sai lissafin ya ƙara nuna maka cewa babu shi.

Direban Jidda: Ni fa na saba da 10:30. Na ajiye mota, na ci abinci, in saurara har in yi barci. Kar a taɓa mini.

Malama Hadiza, Maraɗi: Ku duka YouTube kuke magana. Matan da nake karantarwa murya nake tura musu a WhatsApp, da yawa sai tsakar dare suke saukewa lokacin da data ta fi araha, su saurara da safe suna aiki. Su ba sa cikin jadawalinku sam. Abin da suke kuka da shi yawa ne. Darasin minti 50 kullum, mace ta rasa na Talata, kafin ta rama na Laraba da Alhamis sun hau kansa, sai ta ce littafin ya wuce ta, ta bari.

Alaramma: Wanda ya bari shi ya so. Mu a tsangaya kullum ake biya allo.

Malama Hadiza, Maraɗi: Allah gafarta, a tsangaya malam ba ya ƙara wa yaro sai ya wanke na jiya. Tasha ba ta tambayar kowa ko ya wanke.

Injiniya, Kaduna: Akwai ma abin da ya fi wannan kusa. Baban Khalil, abu nawa kake saki a rana yanzu?

Baban Khalil, Kano: Azkar da asuba, gajeren hadisi da hantsi, guntun tambaya da amsa bayan azahar, sai babban darasi da dare.

Injiniya, Kaduna: To ga inda gizo ke saƙar. YouTube ba ya aika wa mai kallo sanarwar sabon bidiyo fiye da 3 daga tasha ɗaya cikin awa 24. Naka huɗu ne, kuma na huɗun shi ne darasin da aka sha wahala a kansa. Ƙananan sun cinye ƙararrawar, babban ya shigo shiru. Ka buɗe lissafin darasin jiya, ka duba inda masu kallo suka fito, ka ga nawa ne ta Notifications, ka kwatanta da na azkar. Maganin ba sai ka daina ƙananan ba. Wajen ɗorawa, a Show more, akwai akwatin Publish to subscriptions feed and notify subscribers. Ka cire alamar a kan azkar da hadisin, ka bar ta a kan darasi.

Kuma Malam darasi nawa yake naɗa a mako?

Baban Khalil, Kano: Uku. Sauran kwanakin tsofaffi nake yankowa. Na duba yanzu, wallahi na azkar ya ninka na darasin.

Injiniya, Kaduna: To ukun nan su ne jadawalinka na gaskiya. Ka tara na mako biyu a hannu, guda shida, ka jera su da Schedule, ka tabbatar yankin lokacin da ke gefen sa'ar GMT+1 ne. Ranar da aka ɗauke wuta ko Malam ya yi tafiya, tasha ba ta yi shiru ba. Kwanakin da ke tsakani gajerun su cike, Alaramma ya samu kullum ɗinsa, matan Malama su samu kwanan ramuwa.

Kai-tsaye ne kaɗai ba ni da maganinsa mai daɗi. Tazarar Kuala Lumpur da New York awa 12 ce ko 13, kuma tagar da kowa yake farke ƙarama ce. Mafi kusa 2:30 zuwa 3:30 na rana agogon Najeriya, tsakanin azahar da la'asar. Kumasi 1:30, Khartum 3:30, Jidda 4:30, Kuala Lumpur 9:30 na dare, New York 8:30 ko 9:30 na safe.

Maman Ilham, Birmingham: A Disamba 1:30 ke nan a nan, la'asar za ta shigo a tsakiyar karatun. Amma minti biyar ne, zan iya.

Baban Khalil, Kano: Ƙarfe 2:30 ran Asabar? 'Yan Kwari da Sabon Gari suna tsakiyar ciniki, ga ɗaurin aure da walima. Kuma wasu masallatanmu sai biyu da rabin suke tayar da azahar. Zan rasa bakwai don in kamo uku.

Ɗalibin Kuala Lumpur: A mayar Lahadi mana.

Direban Jidda: Lahadi ranar aiki ce a Saudiyya. 4:30 ina kan hanya da yaran makaranta.

Injiniya, Kaduna: To a bar na mako-mako a 8:30 yadda yake, a ware ɗaya a wata na rana, a tattara tambayoyin na waje tun kafin ranar. A gwada wata uku kafin a yanke hukunci, zama ɗaya ba ya nuna komai.

Alaramma: Kun tambayi Malam kuwa? Bayan azahar yake ƙailula, kuma ban taɓa ganin ya fasa ta don kowa ba.

Baban Khalil, Kano: Tunatarwar na mayar da ita 2:00 daga wannan Larabar, ƙararrawar ma na gyara. Darasi uku a mako kuwa ban gamsu ba tukuna, ina tsoron mutane su ɗauka mun gaji. Na rana zan kai wa Malam bayan magariba.

Baba Alhaji, Kumasi: Ya buɗe yanzu. To ƙarfe nawa ke nan a wajenmu?