Karen gidanmu yana jan igiya, kafaɗata ta gaji

Ɗan Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. Muna da karen gadi, irin na 'yan sanda, wata 9, ya kai kilo 28. Da mun fita ƙofa sai ya fara jana har yana tari. Na yi tsawa, na fizgi igiya, bai daina ba. Yaya ake koya masa tafiya a gefen mutum?

Baban Khalifa (Mile 12): Wa alaikumus salam. Ƙanena, sayi sarƙar nan mai shaƙe wuya. Fizga biyu uku zai shiga hankalinsa.

Malam na Idi-Araba: Alhaji, a yi haƙuri, kar ya saya. Tarin nan alama ce maƙogwaronsa yana matsuwa tun yanzu, sarƙa kuwa ƙara masa za ta yi. Kuma ɗabi'ar kare ce, in ka ja shi baya sai ya ƙara turjewa gaba.

Ɗan Agege, dalilin jan ɗaya ne: duk lokacin da ya ja, kana binsa, yana isa inda yake so. To daga yau igiya in ta miƙe, tafiya ta tsaya.

Nemi igiya mai tsawon mita 2, banda mai naɗewa cikin roba, don ita kullum a miƙe take. Nemi kuma ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba, ta yadda in ya ja jikinsa zai juyo gefe. Yatsu biyu su iya shiga tsakaninta da fatarsa. Kar ka naɗe igiya a wuyan hannu, kare mai kilo 28 zai iya kayar da kai cikin kwata.

Fara a tsakar gida, kafin ya ci abinci, minti 5 zuwa 10, sau biyu a rana. Yanka dafaffen nama ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, guda 30 ko 40, ka rage daga abincinsa na ranar. Banda tsire ko kilishi, albasa da tafarnuwa suna cutar da kare. Zaɓi gefe ɗaya, a ce hagu. Yi taku biyu, in igiya tana lilo ka ce "yawwa", nan take ka ajiye nama dab da ƙafarka ta hagu. Ajiyewa a ƙasa ta raba ka da yawunsa ma. Wurin da naman ke sauka nan zai riƙa dawowa, shi ya sa ba a jefa shi gaba. In taku biyu ya zauna, koma huɗu, sannan takwas, sannan ka riƙa sauyawa kar ya gane lissafin.

Misali kun fito layi ya hango bola, ya ja. Tsaya cak, hannunka a jikin cikinka, ba fizga ba magana. Zai yi ta turjewa, wataƙila daƙiƙa 20 ko fiye. Da ya waiwayo ko ya ja baya igiya ta saki, ka ce "yawwa" ku ci gaba. In ya ƙi waiwayowa, kira shi ka juya baya taku biyar, ku sake dosar wurin. In ya iso da igiya a sake, bar shi ya shinshina gefen hanya, wannan ma lada ne. Ranakun farko mita 50 za ta iya cin minti 15, ba matsala ba ce.

Maman Hanifa (Obalende): Ni namu in an sa masa igiya kwanciya yake, ba ya motsi sam. Wannan fa?

Malam na Idi-Araba: Hajiya, naki yawanci tsoro ne, maganinsa daban. A bar masa igiyar a jiki cikin gida yana cin abinci da ita, ana kallonsa, kuma kada a ja shi.

Mai Gadi (Ikoyi): Malam, akwai inda ake samun cikas. Kare ya ja, ya dawo, a ba shi nama, ya sake ja. Ya ɗauka jan ne ke kawo naman. In ya dawo kar a ba shi nan take, sai an yi taku uku tare. Sannan duk mai fita da shi a gidan ya bi doka ɗaya. In yaro ya bari yana jansa da yamma, aikin safe ya rushe.

A kuma duba lokaci. Bayan asuba ya fi, kafin danfo da keke su cika titi. In ya ƙi karɓar nama a waje, hayaniya ta yi masa yawa, a koma layin da ya fi shiru. Da rana a ɗora bayan hannu kan kwalta daƙiƙa 5, in ba a jure ba, tafinsa ma zai ƙone.

Baban Khalifa: Duk na ji. Amma ranar da babu nama a aljihu fa? Kare mai ƙarfi haka, in ya hango akuya, nama ba zai tsayar da shi ba.

Mai Gadi: Naman ana janye shi a hankali bayan 'yan makonni. Batun akuya kam gaskiyarka ne Alhaji, darasi ne na daban. A yanzu dai in ya hango ta daga nesa, ya juya da karen tun bai kafa mata ido ba.

Ɗan Agege: Na gode ƙwarai. Ɗamarar nan, a wajen likitan dabbobi ake samu ko a kasuwa?