Visa kamfanin fasaha ne ko na kuɗi? Rumbunan bayanaina sun ƙi yarda da juna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin digiri na biyu a kan ribar kamfanonin S&P 500, wato manyan kamfanonin kasuwar hannun jarin Amurka, daga 2019 zuwa 2024, sashe-sashe, kuma kwana uku ke nan Visa ya tsaya mini a wuya.

A EDGAR, rumbun bayanan hukumar kula da kasuwar hannun jarin Amurka, lambarsa a tsohon tsarin rarraba masana'antu na SIC ita ce 7389, wato sauran hidimomin kasuwanci da ba a ware musu gida ba. Wannan bai dame ni ba, tunda rabon da a sabunta SIC tun 1987.

Matsalar tana wajen GICS, tsarin da ake raba kamfanonin kasuwar hannun jari sashe-sashe da shi. Fayil ɗin da malamina ya ba ni, wanda aka sauke a 2022, ya sa Visa a Information Technology. Wanda na sauke bana kuma ya sa shi a Financials tun daga layin 2019. Da na bincika sai na ga a watan Maris na 2023 aka mayar da Visa da Mastercard sashen kuɗi. Ashe sabon fayil ɗin lambar yau ya shafa wa duk shekarun baya.

Da na gwada kowanne, matsakaicin ribar sashen fasaha ya sauya, ba kaɗan ba.

To don Allah, in bar kowace shekara da lambar da take da ita a lokacin, ko in ɗora ta yau a kan duka? In na farko ne, yaya zan hana 2023 ta nuna tsallen da sauyin lamba kaɗai ya haifar?